Yadda ake goge kwamfuta da waya kafin a sayar, don kada a bar asiri a ciki

Wata Hajiya ta taɓa kawo mini laftof ɗinta a shago, tana so in duba mata ita kafin ta kai wa dillali. Ta ce, "Malam, ɗana ya riga ya yi mata fomatin jiya, ba komai a ciki. Ka dai duba mini ko batirin zai rage mata kuɗi." Na nemi izininta in gwada wani abu. Na cire faifan, na jona shi da kwamfutata, na saki manhajar dawo da fayil. Kafin a kira la'asar hotunan bikin 'yarta sun dawo, da hoton takardar filinta, da na katin NIN, da takardun banki da ta taɓa saukewa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To Malam, da na sayar fa?" Manhajar da na yi amfani da ita kyauta ce, kuma duk yaron da ke koyon gyara a Farm Centre ko Beirut Road ya san da ita.

Na yi wannan aikin gogewa sau ba adadi, kuma ga yadda nake bi da shi.

Abin da ya sa fomatin ba ya gogewa

Ka ɗauki faifan ajiya kamar kasuwa mai rumfuna dubbai, da littafi guda a hannun sarkin kasuwa inda aka rubuta wane ne ke cikin kowace rumfa. Idan ka goge fayil, abin da kwamfuta take yi shi ne ta soke sunan a littafin, ta rubuta cewa rumfar babu kowa. Kayan suna nan a ciki har ranar da sabon mai haya zai zo ya zuba nasa a kai. Fomatin na gaggawa, wanda ake kira Quick Format a allon kwamfuta, sabon littafi kawai yake kawowa, shi ya sa yake gamawa cikin daƙiƙu kaɗan. Manhajar dawo da fayil ba ta damu da littafin ba. Rumfa-rumfa take bi tana leƙawa, ta gane hoto daga yadda farkonsa yake, ta kwaso shi.

Saboda haka gogewa ta gaskiya hanya uku ce kawai. Ko dai a rubuta wani abu a kan kowane gurbi har ya danne na da, ko kuma a ce tun farko bayanan a sakaye suke da mabuɗi sai a hallaka mabuɗin, ko a farfasa na'urar. Wadda za ka bi ta dogara ne da irin ma'ajiyar da ke hannunka, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure: maganin da ke aiki a kan tsohon faifai mai juyawa ba ya wadatarwa a kan sabon nan mara motsi.

Kayan aiki

- Wani faifai na waje ko babban filashi da za ka kwashe kayanka a ciki.
- Filashi na biyu mai aƙalla gigabait 8, wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, domin za a mai da shi na ɗora Windows.
- Caja, da wutar da ba za ta yanke ba na awa uku zuwa biyar. Idan ba ka da inbata ko sola, ka tanadi man janareta.
- Kalmomin sirrinka na Google, Microsoft ko Apple, ka tabbatar kana tuna su.
- Manhajar PhotoRec ko Recuva, don gwaji a ƙarshe. Dukansu ana samunsu kyauta.
- Idan akwai hali, ƙaramin akwatin nan da ake saka faifan laftof a jona shi ta USB.

Mataki na 1: Kwashe kayanka, ka buɗe su ka gani

Abin da za mu yi ba ya da gyara, don haka kwafi yana gaba da komai. Ka kwashe hotuna, takardu, da abin da ke cikin Downloads da Desktop, domin nan ne aka fi mantawa. Bayan ka kwafa, ka kai faifan wata kwamfutar ka buɗe fayil goma ko ashirin daga wurare daban-daban. Kasuwa cike take da filashin jabu da ke nuna girman da ba shi da shi: yana karɓar kaya yana nuna sunayensu, amma idan ka buɗe sai ka tarar duk sun lalace. Na ga wanda ya rasa aikin digirinsa ta wannan hanyar, kuma babu abin da na iya yi masa.

Mataki na 2: Raba na'urar da asusunanka

Ko da an goge faifai sarai, akwai abin da ke rataye a intanet. A kwamfuta ka fita daga Chrome, da OneDrive, da imel. Ka ɗauki wayarka ka shiga WhatsApp, ka je Linked devices, ka cire kwamfutar daga ciki. Idan kana da manhajar da ke ba ka lambobin shiga asusu, irin su Google Authenticator, ka mayar da ita sabuwar waya tun tsohuwar tana hannunka.

Mataki na 3: Gano irin faifan da ke ciki

A Windows ka buɗe PowerShell ka rubuta:

```
Get-PhysicalDisk
```

Ka duba ƙarƙashin MediaType. Idan ka ga HDD, faifai ne mai juyawa, irin wanda kake jin ƙararsa idan ka kara kunne. Idan ka ga SSD, na zamani ne mara motsi. Ka lura ko layi biyu ne suka fito, domin laftof da yawa na tokumbo suna da ƙaramin SSD na Windows da babban HDD na ajiya. Mutum sai ya goge na farko ya manta da na biyu, alhali a nan hotunan suke.

Mataki na 4: Goge faifai mai juyawa

Wannan shi ne mafi sauƙin sha'ani, domin faifai mai juyawa yana rubutu daidai inda aka ce ya rubuta. Idan aka shimfiɗa sifili daga farkonsa zuwa ƙarshe, an gama.

Windows ba za ta yarda ta goge faifan da take zaune a kai ba, shi ya sa muke buƙatar filashin nan na biyu. Ka sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ka haɗa filashin ɗora Windows da shi. Ka cire faifan da ka yi kwafi a kai, da duk wani abu da ke jone, ka bar wannan filashin shi kaɗai. Ka tayar da kwamfutar daga filashin. A Dell maɓallin F12 ne, a HP kuma F9. Da zarar allon zaɓen harshe ya fito, ka danna Shift da F10 tare. Baƙin allo zai buɗe, sai ka rubuta:

```
diskpart
list disk
select disk 0
detail disk
```

Ka tsaya a nan ka karanta da kyau. A laftof ɗin Hajiya, `list disk` ya nuna abu biyu: Disk 0 mai 465 GB, da Disk 1 mai kusan 14 GB. Na farkon shi ne faifanta da aka rubuta wa gigabait 500 a jiki, domin Windows tana lissafi da wani ma'auni daban, shi ya sa adadin yake raguwa. Na biyun filashina ne. Kada ka ɗauka kullum sifili ne lambar faifan da kake nufi. Girmansa da sunan da `detail disk` ya nuna su ne shaidarka. Idan ka tabbatar, sai ka rubuta:

```
clean all
```

Kalmar `all` ita ce komai a nan. Idan ka rubuta `clean` kaɗai, zai gama nan take, ya ce maka ya yi, amma littafin sarkin kasuwa kawai ya yaga. Da yawa daga masu gyara da na sani nan suke tsayawa, suna ganin sun goge.

Bayan ka danna Enter ba za ka ga komai yana motsi ba, babu kashi nawa cikin ɗari, babu alamar ci gaba. Kada ka ɗauka ta sandare ka kashe ta. Faifan laftof yana rubuta kusan megabait 80 zuwa 100 a daƙiƙa, don haka gigabait 500 zai ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, terabait ɗaya kuma ninkin haka. Idan ta akwatin USB tsohon yayi ka jona shi, zai iya kai awa biyar. Na Hajiya na saka shi bayan magariba, na dawo daga isha'i na ɗan jira, sai ga saƙon `DiskPart succeeded in cleaning the disk`. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, ba abin da ya lalace, amma sai ka sake daga farko, domin rabin baya na faifan yana nan da kayansa.

Za ka ji wasu suna cewa sai an maimaita sau bakwai, ko sau 35. Wannan adadi na 35 ya samo asali ne daga wata takarda da Peter Gutmann ya fitar a 1996, game da faifan wancan zamani. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a jagorarta ta 2014 kan goge ma'ajiyar bayanai, ta nuna cewa rubutu sau ɗaya ya isa ga faifan yanzu. Ni sau ɗaya nake yi, sannan in ɓata lokacina a kan gwaji, ya fi mini amfani da ƙona fetur kwana biyu.

Idan ba ka da filashi, akwai hanya daga cikin Windows kanta. Ka je Settings, ka nemi Reset this PC, ka zaɓi Remove everything. Kada ka wuce da sauri: ka danna Change settings, ka kunna Clean data, kuma idan faifan a rarrabe yake ko guda biyu ne, ka kunna zaɓin goge dukkansu. Idan ba ka taɓa waɗannan ba, Windows za ta yi gogewar sama-sama ne a kan sashen C kaɗai, inda take zaune, sashen D kuwa ko kallonsa ba za ta yi ba. Wannan hanyar tana da kyau, amma ban fifita ta a kan `clean all` ba. A farkon 2022 Microsoft da kanta ta amince cewa wani kuskure a Windows 10 da 11 yana barin wasu fayilolin OneDrive a cikin foldar Windows.old bayan an yi risetin. Sun gyara daga baya, sai dai tsohuwar kwamfutar da ta shekara ba ta hau intanet ba wataƙila gyaran bai iso ta ba. Don haka bayan an gama ka leƙa C ka ga ko foldar tana nan.

Akwai iyaka guda da ya kamata ka sani. Faifan da ya fara tsufa yana ware guraben da suka lalace ya daina amfani da su, kuma `clean all` ba ya kai wa gare su. Abin da ke ciki kaɗan ne, kuma ɗauko shi sai ƙwararru masu kayan aiki. Amma idan faifan yana ƙara ƙyas-ƙyas, ko gogewar tana yankewa da saƙon kuskure, ko manhajar CrystalDiskInfo ta nuna Caution, kada ka sayar da shi. Ka tsallaka zuwa mataki na 8.

Mataki na 5: Goge SSD

Nan ne aikin yake da ɗan sarƙaƙiya. Kowane gurbi a cikin SSD yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka kafin ya mutu. Don kada wani sashe ya riga wani gajiya, akwai ɗan ƙaramin mai kula a ciki da ke rarraba rubutu. Idan ka ce a rubuta sifili a rumfa ta goma, sai ya rubuta a wata rumfar daban, ya gyara nasa littafin, ya bar tsohon kayan a inda yake zuwa wani lokaci. Bugu da ƙari yana da rumfunan ajiya a baya waɗanda Windows ba ta ma san da su ba. Masu bincike a Jami'ar California da ke San Diego sun gwada wannan a 2011, suka ciro ƙwayoyin ajiyar suka karanta su kai tsaye, suka samu ragowar bayanai bayan an yi rubutu a kai, musamman idan fayil ɗaya aka yi ƙoƙarin gogewa.

Gaskiya ne cewa SSD yakan share abin da aka goge da kansa bayan ɗan lokaci, shi ya sa dawo da fayil daga cikinsa ya fi wuya. Amma ba kai ke da iko da lokacin ba, kuma idan ta USB aka jona shi sau da yawa wannan sharar ba ta faruwa. Hanya mai kyau ita ce a umarci mai kulan nan da kansa ya wanke komai, har da rumfunan baya.

Wuri na farko da nake dubawa shi ne BIOS, wato saitunan kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. A Dell ka danna F2 lokacin tashi, ka nemi Data Wipe. A HP ka danna F10, ka shiga Security ka nemi Secure Erase. Laftof na ofis irin su Latitude da EliteBook, waɗanda su suka fi yawa a kasuwar tokumbo, galibi suna da shi. Ka jona caja, ka tabbatar, ka bari ya gama. Yawanci mintuna ne.

Idan BIOS ba shi da wannan, ka duba kamfanin da ya ƙera faifan. Samsung alal misali suna da manhajar Samsung Magician da ke yin wannan aikin. Idan kuma faifan irin siririn nan ne NVMe, ka haɗa filashin Ubuntu, wato wani tsari da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ka tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da ka ɗora shi ba, ka jona intanet, ka buɗe Terminal:

```
sudo apt update && sudo apt install nvme-cli
sudo nvme list
sudo nvme format /dev/nvme0n1 --ses=1
```

Ka tabbatar sunan da `nvme list` ya nuna shi ne ka rubuta a layi na uku. Zai iya gamawa cikin daƙiƙu, kuma a nan saurin ba alamar ha'inci ba ne, domin faifan yana share ƙwayoyinsa ne gaba ɗaya daga ciki. Gargaɗi biyu: kada ka yi wannan ta akwatin USB, kuma kada wuta ta yanke, domin SSD da aka katse wa wannan umarni yana iya kullewa ya ƙi tashi.

Idan duk waɗannan sun gagara, sai a koma ga sakayawa. Ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, wato Run as administrator, ka rubuta:

```
manage-bde -status
```

Idan ya nuna Fully Encrypted, kuma haka kwamfutar take tun ranar da ka fara zuba kayanka, to ka huta: duk ragowar da ta maƙale a rumfunan baya shirme ce ga wanda ba shi da mabuɗi. Ka yi `clean all` kamar yadda aka bayyana a sama, shi ke nan. Idan ba a sakaye take ba kuma Windows ɗinka Pro ce, ka kunna BitLocker, manhajar Windows ta sakaya faifai, ka zaɓi Encrypt entire drive, ba zaɓin da ke sakaya inda ake amfani da shi kaɗai ba, domin abin da ka goge a baya yana cikin filin da ake gani kamar fanko. Ka jira ya kai ɗari bisa ɗari, sannan ka yi `clean all`. Wannan bai kai umarnin ciki tsafta ba, amma ya fi ƙarfin mai saye da manhajar kyauta. Idan kuwa bayanan marasa lafiya ne, ko na shari'a, ko na kuɗin jama'a, shawarata ka cire SSD ɗin ka riƙe, ka sayar da laftof ɗin da sabo ko babu faifai.

Masu MacBook na zamani, waɗanda ke da guntun T2 ko na Apple silicon kuma suna kan macOS Monterey ko sama, aikinsu gajere ne: Erase All Content and Settings yana hallaka mabuɗin, kuma ya wadatar.

Mataki na 6: Waya

Ma'ajiyar waya 'yar uwar SSD ce, don haka tambayar ita ce ko a sakaye take. iPhone tun 3GS na 2009 take sakaya komai. Ka fita daga iCloud, ka kashe Find My, ka shiga Settings, General, Transfer or Reset iPhone, ka zaɓi Erase All Content and Settings. Kada ka ruɗe da Reset All Settings, wannan saituna kawai yake mayarwa, hotuna suna nan.

Android ce ke da tarihi. A 2014 kamfanin Avast ya sayi tsofaffin wayoyin Android 20 a eBay, ya dawo da hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. A 2015 Laurent Simon da Ross Anderson na Jami'ar Cambridge suka gwada wayoyi 21 masu Android 2.3 zuwa 4.3 bayan an yi musu risetin, suka iya ciro shaidar shiga asusun Google a kusan kashi 80 cikin ɗari. Daga Android 6 aka fara tilasta sakayawa, amma an ɗaga wa wayoyi masu ƙaramin ƙarfi ƙafa, kuma irinsu ne suka cika hannun mutanenmu. Sai wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama ne za ka iya sakin jiki da su.

Ga yadda nake bi:

1. Cire layi da memori tun kafin komai. Risetin ba ya taɓa memori sai an ce masa, kuma nan ne hotuna da bidiyo suka fi taruwa. Layin kuwa shi ne ƙofar asusun bankinka. Idan eSIM ne, wato layin da ba shi da katin cirewa, ka mayar da shi sabuwar waya, ka goge shi a tsohuwar.
2. Shiga Settings, ka je wajen Accounts, ka cire asusun Google da duk wani asusu. Idan ba ka yi ba, wayar za ta iya kullewa bayan risetin ta nemi kalmar sirrinka. Na sha ganin mai saye ya kira mai sayarwa, shi kuma don kunya ya karanto masa kalmar sirrin imel ɗinsa ta waya. Duk wahalar gogewa ta tashi a banza ke nan.
3. A akwatin bincike na Settings ka rubuta encrypt. Idan ka ga Encrypted, ka wuce. Idan ka ga Encrypt phone, ka cika batir ya haura kashi 80, ka bar caja a jone, ka saka lambar kulle allo, ka danna. Zai ɗauki awa ɗaya ko fiye, kuma kada ka katse shi.
4. Yi risetin daga cikin Settings, zaɓin Erase all data.
5. Idan wayar tsohuwa ce da sai yanzu ka sakaya ta, ko ba ta da zaɓin sam, ka ƙara da wannan: ka tayar da ita ba tare da saka wani asusu ba, ka kifa ta a kan tebur, ka kunna ɗaukar bidiyo har ta ce ma'ajiya ta cika. Ko ka tura mata manyan fayilolin da ba su da amfani. Sannan ka sake risetin. Ni sau biyu nake yi. Wannan shi ne zuba sabon kaya a kowace rumfa.

Ƙananan wayoyi masu madannai suna da tasu matsalar. A wasunsu Restore factory settings ƙarar kira da hasken allo kawai yake mayarwa. Saƙonnin banki da lambobin mutane sai ka bi su da hannu ka goge, har da akwatin saƙon da aka tura.

Game da memori da filashi, ra'ayina shi ne kada a haɗa su cikin ciniki. Kuɗinsu bai kai abin da ke cikinsu ba. Idan dole ne, ka jona da kwamfuta, ka zaɓi Format, ka cire alamar da ke kan Quick Format. Tun daga Windows Vista, cikakken fomatin yana rubuta sifili a ko'ina. Sannan ka gwada.

Mataki na 7: Gwada aikinka

Wannan matakin ne kusan kowa yake tsallakewa. Ka zama kai ne mai sayen da ke neman asirinka. Idan kana da akwatin USB, ka jona faifan da wata kwamfuta kafin ka ɗora sabuwar Windows, ka buɗe PhotoRec, ka zaɓi faifan, ka ce ya bincika dukkansa, ka nuna masa wani wuri daban da zai zuba abin da ya samo. Faifan da aka yi wa `clean all` bai kamata ya ba da fayil ko ɗaya ba. Na Hajiya, wanda da rana ya yi ta zubo hotuna, washegari da safe ya kai ƙarshe da sifili.

Idan sai bayan ka ɗora Windows za ka iya gwadawa, za ka ga dubban ƙananan hotuna da fayiloli sun fito. Kada gabanka ya faɗi, na Windows ne. Ka jera su bisa girma, ka buɗe manyan. Idan ka ga fuskar da ka sani ko takardarka ko da guda ɗaya ce, gogewar ba ta yi ba. Galibi dalilin ɗaya ne cikin uku: an rubuta `clean` babu `all`, ko an goge wani faifan daban, ko wuta ta yanke ba a lura ba.

Wayar zamani ba ta buɗe ma'ajiyarta ga kwamfuta yadda PhotoRec zai iya bincikawa, don haka shaidarka a nan ita ce kalmar Encrypted da ka gani da idonka kafin risetin, da kuma allon maraba da ya fito bai nemi asusun kowa ba. Daga nan ka shiga asusunka na Google ko Apple a sabuwar waya, ka cire tsohuwar daga jerin na'urorinka.

Mataki na 8: Na'urar da ta mutu

Laftof da ta ƙi tashi, faifanta sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Masu sayen kayan gwangwan suna cire shi su sayar daban. Don haka ka kwance ƙasan laftof ɗin ka zare faifan kafin ka bayar. Idan yana aiki, ka saka shi a akwatin USB ka bi mataki na 4, ko ka riƙe shi ya zama ma'ajiyarka. Idan ya mutu, ka kai wa mai walda ko kafinta ya huda shi da injin huji wuri uku ko huɗu, ta inda faranten suke, a gabanka. Faranten cikin faifan laftof sau da yawa na gilashi ne, suna tarwatsewa, don haka a nannaɗe shi da tsumma, a kare ido. Jefa shi a ruwa ko goga masa maganaɗisun lasifika ba ya yin komai. SSD kuwa sai an buɗe murfin an farfasa kowace baƙar ƙwaya da ke kan allon da guduma, domin huji ɗaya zai iya wucewa ta tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba.

Wayar da allonta ya fashe ita ma tana nan da ranta a ciki, kuma mai saye allo kawai zai canza. Idan tana kamawa da intanet, ka shiga asusunka daga wata na'urar ka aika mata umarnin gogewa ta Find Hub na Google, wanda a da ake kira Find My Device, ko ta iCloud. Idan ba ta kamawa, ka sa mai gyara ya jona mata allon aro na minti goma kana tsaye, ka yi risetin da hannunka. Idan ta mutu murus kuma tsohuwa ce da ba a sakaye ba, ka sa a ciro maka allon injin da ke ɗauke da ma'ajiyar ka riƙe, ka sayar da sauran. Batirin a cire shi a gefe tukuna, kada guduma ko ƙusa ta taɓa shi, domin yana kama wuta.